Abin da Ya Faɗa da Abin da Aka Rubuta: Yadda Labarin Hatsari Ke Shiga Takardar Turanci

A yawancin garuruwan Arewa, idan hatsari ya auku, da Hausa ake ba da labarinsa: a bakin titi, a kan gadon asibiti, a caji ofis. Amma takardar da za ta yi tafiya, ta je ofishin 'yan sanda da kamfanin inshora da teburin lauya, wani lokaci har gaban alƙali, da Turanci ake rubuta ta. Tsakanin bakin da ya ba da labari da wannan takarda akwai mutum guda. Wani lokaci ɗan sanda ne mai ɗaukar jawabi, wani lokaci sakataren ƙungiyar direbobi ko akawun kamfani, sau da yawa kuma ɗan gida ne da ya yi boko aka ce zo ka rubuta mana. Kusan dukkansu ba su da niyyar cutar kowa. Duk da haka a hannunsu labari yake sauya kama, har mai shi ya zo ya ji ana karanta masa abin da bai taɓa faɗa ba.

Ba rashin iya Turanci ne kan gaba wajen jawo haka ba. Wanda Turancinsa ya zauna ma ya fi saurin faɗawa ramin, domin ya san yadda rahoto yake sauti, kuma yana so nasa ya yi irin wannan sautin. Rahoto yana neman ƙarfe nawa, wane ne ya yi, da wane irin gudu, saboda me. Fom ma haka yake, gurbi bayan gurbi. Shi kuwa wanda abin ya faru da shi yakan zo da abin da ya sani ne kawai, gutsure-gutsure, yana bambanta abin da ya gani da abin da ya ji da 'yan ƙananan kalmomi da kunne ya saba wucewa. Mai rubutu sai ya cike gurbin da babu amsarsa da abin da ya ga ya dace, ya kuma zubar da ƙananan kalmomin nan a matsayin surutu.

A ɗauki misali irin wanda ake ji kullum. A ce wani dattijo kafinta ne hatsari ya rutsa da shi a cikin a-daidaita-sahu a kan titin Zariya a Kano, bayan kwana biyu kuma matashin sakataren ƙungiyar masu a-daidaita ya je gida ya ɗauki bayaninsa don a kai wa inshora. Dattijon ya jingina da bango, hannu ɗaya dafe da ƙirji, ya ce:

"To, daren Juma'a ne, bayan an idar da Magariba kaɗan. Mun taso daga wurin sayen katako, ni da yarona, mu uku har da wata mata. Mun kusa kwana ke nan sai na ji an doke mu ta baya. Daga nan ban san inda kaina yake ba. Da na farfaɗo sai na gan ni a gefen kwalta, mutane sun taru. Ashe tifa ce. Wai birki ne ya ƙi. Yaron ya karye a ƙafa, ita kuma matar aka ɗauke ta, kamar ba ta motsi. Direban ya zo yana ta ba mu haƙuri. Ni dai da sauƙi, alhamdu lillahi."

Mai gaggawa zai saurari wannan ya rubuta Turanci mai santsi cikin minti biyar. Idan aka mayar da Turancin nasa Hausa, abin da yake cewa shi ne: ranar Juma'a da misalin ƙarfe 7:00 na yamma wata tifa ta sheƙo a guje ta banke a-daidaita-sahu saboda tsinkewar birki, ɗan mai shaida ya karye a ƙafa, mace ɗaya ta rasu, direban tifar ya amsa laifinsa, shi mai shaida bai ji ciwo ba. Duk wanda ya karanta zai ce rahoto ya yi kyau. Amma kusan babu gaɓa ɗaya a cikinsa da ta tsaya daidai da maganar dattijon.

A fara da rana. A lissafin da Musulmi da yawa suke bi, dare yana gaban yininsa, wato daren Juma'a shi ne daren da za a wayi gari Juma'a, Alhamis da daddare a kalandar ofis. Wasu kuma, musamman matasan birni, idan sun ce daren Juma'a, Juma'ar suke nufi bayan rana ta faɗi. Mai rubutu ba shi da hanyar sanin wanne ake nufi sai ya tambaya. Idan ya yi kuskure, takardarsa za ta saɓa da katin asibiti da littafin caji ofis da kwana guda cur, kuma ma'aikacin inshora da ya ga wannan saɓani yana da hujjar ajiye fayil ɗin gefe. Ƙarfe bakwai ɗin ma daga aljihun mai rubutu ya fito. Magariba a Kano tana motsi da kusan awa guda a shekara: a watan Nuwamba ana kiranta dab da ƙarfe 6:00, a watan Yuli sai wajen ƙarfe 7:00. A batun hatsari wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a kansa tambayar ko duhu ya yi, ko ya kamata a ce an kunna fitila, take ratayawa. Abin da ya dace shi ne a rubuta lokacin kamar yadda aka faɗe shi, jim kaɗan bayan sallar Magariba. Idan ofis ya matsa sai an sa agogo, a sa, amma a bayyana cewa ƙiyasi ne na mai rubutu bisa lokacin sallar ranar.

Inda ɓarnar ta fi yawa shi ne a jumloli ukun nan na tsakiya: "na ji an doke mu," "ashe tifa ce," "wai birki ne ya ƙi." Bahaushe da ya ji su ya san matakai uku ne na sani. Na farko dattijon ya ji shi a jikinsa, amma bai ce wa ya doke su ba, domin bai gani ba, ta baya abin ya zo. "Ashe" tana nuna daga baya ya gane, bayan ya farfaɗo. "Wai" kuma tana cewa maganar ba tasa ba ce, a bakin mutane ya tsince ta, bai kuma ɗauki alhakinta ba. Rahoton gaggawa ya narkar da ukun nan a jumla guda, ya mayar da dattijon mutumin da ya ga tifa tana tahowa, ya ga gudunta, har ya san abin da ya faru a ƙarƙashin ƙafar direba. Shi gudun ma ba a ambace shi ko sau ɗaya ba. Mai rubutu ne ya ga cewa tifar da ta doki mutane ai dole a guje take.

Doka ta damu ƙwarai da wannan bambanci. Dokar Shaida ta Najeriya ta shekarar 2011, a sashe na 126, ta ce shaidar baka sai ta zama kai tsaye: abin da aka gani, wanda ya gani ne zai faɗa, abin da aka ji, wanda ya ji da kunnensa. Sashe na 38 kuma ya hana karɓar shaidar ji-ta-ji-ta sai a wuraren da doka ta keɓe. Gani ya kori ji, a kotu ma haka abin yake. To a ce shari'a ta taso, lauyan wancan ɓangare ya miƙe ya tambayi dattijon, "Baba, ka ga tifar kafin ta doke ku?" Dattijo mai gaskiya zai ce a'a. Lauya sai ya ɗaga takarda ya ce, amma ga shi nan ka ce ta sheƙo a guje. Daga nan duk sauran maganarsa ta shiga zargi, har da abin da ya gani da idonsa. Mutumin da bai yi ƙarya ba ya zama mai magana biyu a gaban alƙali, saboda aikin wani.

Batun birki kuwa ba na fasinja ba ne tun asali. Jami'an duba lafiyar mota, waɗanda aka fi sani da bi-ai-o, su ne suke gwada birki su rubuta abin da suka samu. Sai dai wannan ba dalili ba ne na a cire maganar daga rahoto, domin dattijon ya faɗe ta, kuma tana iya nuna wa mai bincike inda zai duba. Turanci yana da hanyar riƙe "wai" ba tare da ya mayar da ita tabbas ba, sai a rubuta "he was told that". Ita "kamar" ana riƙe ta da "it appeared to him that". Wannan ta ƙarshe ce ta raba matar da ba ta motsi da matar da ta rasu. Dattijon bai ce ta mutu ba, bai ma ce ta suma ba, ya ce kamar ba ta motsi. Likita ne zai ce rai ya yi halinsa. Rubuta mutuwa a inda ba a tabbatar ba yana iya sauya tuhumar da za a yi wa direba gaba ɗaya, ya kuma kai labari mai nauyi gidan da ba a yi rashi ba.

Akwai kuma wuraren da Hausa ta yalwata, Turanci kuma yake neman a zaɓi ɗaya. "Yarona" na iya zama ɗan cikinsa, na iya zama yaron shago mai koyon sana'a, kuma wanda zai karɓi diyya ko ya sa hannu a madadin yaron ya dogara da amsar. "Ƙafa" a Hausa ta kama daga cinya har yatsu, alhali rahoton rauni yana so a san ko cinya ce, ko ƙwauri, ko tafin ƙafa, kuma ta dama ko ta hagu. "Ya karye" ma sai an bi ta a hankali, domin a bakin mutane duk wanda ya kasa taka ƙafa ya karye, ko da targaɗe ne ko gocewar ƙashi. Idan an ɗauki hoton ƙashi a asibiti, sai a ce takardar asibiti ta nuna karaya. Idan wurin mai ɗori aka kai shi, sai a rubuta hakan. "Mu uku" fa, da mai tuƙi ko ban da shi? Duk waɗannan tambaya guda-guda ce ke warware su.

Biyun ƙarshe sun fi wuya, domin al'ada ce ke magana a cikinsu. Ba da haƙuri a wurin Bahaushe ba amsa laifi ba ne. Wanda ya zo wucewa ma yakan tsaya ya ce ku yi haƙuri, sannu, Allah ya kiyaye gaba. Direban da ya ga mutane kwance a ƙasa zai ba da haƙuri ko da shi aka shigar wa hannu. Mai rubutun da ya mayar da wannan amsa laifi ya yanke hukuncin da ba a ba shi ikon yankewa ba. Hanyar da ta fi aminci ita ce a kawo kalmomin direban kamar yadda suka fito, da Hausarsu, a bi su da ɗan bayanin cewa kalma ce da ake faɗa don jaje da kuma don neman afuwa, mai karatu ya auna da kansa. A tambaya kuma yadda aka san shi ne direban: shi ya faɗa, ko nuna shi aka yi?

"Da sauƙi" kuwa, duk wanda ya taɓa zuwa dubiya ya san ita ce amsar marar lafiya ko da yana jin jiki ƙwarai. Godiya ce ga Allah da kuma ladabi. Dattijon da ya faɗe ta ya riga ya ce ya suma, yana kuma dafe da ƙirji. Rahoton gaggawa ya jefar da suman, ya mayar da "da sauƙi" babu rauni. In bayan mako guda ciwon ƙirji ya tsananta, aka gano haƙarƙari ya tsage, takardar da ya dangwala wa yatsa ce za ta tsaya ta ce lafiyarsa ƙalau. Ita suman kanta abu biyu take faɗa wa mai karatu: likita zai so ya duba kai, mai bincike kuma zai san akwai ɗan lokacin da wannan shaida bai ga komai ba.

Waɗanda suka ƙware a aikin ba sa fara da Turanci. Sukan bar mutum ya zuba labarinsa har ƙarshe ba katsewa, su rubuta shi da Hausa yadda ya fito, ko su naɗi muryarsa a waya da izininsa. Bayan nan ne tambayoyi suke zuwa, kuma yadda ake yin su shi ne rabin aikin. Sakataren da ya ce, "Baba, tifar a guje take ko?" ya riga ya sa wa dattijon magana a baki, kuma dattijo mai kawaici zai ce e don kada ya musa wa baƙo. Wanda ya san aiki cewa zai yi, "Baba, kafin ka ji dukan, me ka gani?" Sai amsa ta zo: "Wallahi ɗana ban ga komai ba, gabana nake kallo." Ya sake cewa, "Da ka ce daren Juma'a, an riga an sauko daga masallaci ne a ranar, ko washegari aka yi Juma'ar?" "A'a, washegari aka yi ta." "Maganar birki fa, Baba, a bakin wa ka ji?" "Mutanen da suka taru ne suke faɗa." "Kai kuma ina ne yake maka ciwo yanzu?" A nan ne zancen ƙirji zai fito. Amsoshin nan su ma maganarsa ce, don haka suna da hurumin shiga rahoto. Abin da ba shi da hurumi shi ne wanda ya fito daga kan mai rubutu.

Ba komai ne ake kwashewa ba. Rantsuwa da addu'a da maimaici ana iya barinsu a kwafin Hausa. Ana kuma iya jera abubuwa bisa yadda suka faru, domin mai ba da labari yakan yi gaba ya dawo baya. Ma'aunin shi ne a bi kwafin Hausa layi-layi da biro, duk abin da ya shafi wa, me, ina, yaushe, da yadda aka sani, a nemo inda ya sauka a Turancin. Sannan a juya, a bi Turancin kalma-kalma a nemo asalin kowacce a Hausar. Kalmomin da suka fi shigowa ba gayyata su ne masu siffanta gudu da ganganci, da masu haɗa dalili irin su "saboda". Duk wadda aka rasa asalinta, a soke ta. Rahoton dattijon, bayan an sa kwanan wata da wuri a sama, zai fito kamar haka:

"The witness states that on Thursday evening, shortly after the Maghrib prayer, he was one of three passengers in a tricycle. Near the bend he felt an impact from behind and lost consciousness. He did not see the vehicle before the impact. He later learnt that it was a tipper lorry, and was told by bystanders that its brakes had failed. His apprentice could not stand on his left leg and was taken to a bone-setter. A female passenger was carried away. It appeared to him that she was not moving. A man who said he was the driver repeatedly said 'ku yi haƙuri'. The witness complains of chest pain."

Jumlolin gajeru ne, kowacce da abu guda, babu ado. Ba ta kai waccan daɗin karatu ba, amma babu layin da dattijon zai musa a gaban kowa, kuma direban tifar ma ba a ɗora masa abin da ba a tabbatar ba.

Saura mataki guda, wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi: karanta wa mutum abin da aka rubuta. Kuskuren da ake yi shi ne mai rubutu ya sake maimaita labarin da ya ji da Hausa, dattijo ya gyaɗa kai, domin lalle labarinsa ne. Amma ba shi ne a takardar Turanci ba. Abin da ake so shi ne a ɗauki Turancin a mayar da shi Hausa jumla-jumla, in da hali ma wani mutum dabam wanda bai ji labarin ba ya yi wannan aiki. Da an karanta wa dattijon rahoton gaggawa ta haka, a jumlar farko zai ce, "A'a, ni ban ce ta sheƙo a guje ba."

Doka ta tanadi irin wannan ga wanda ake tuhuma. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba shi haƙƙin tafinta kyauta idan ba ya jin harshen da ake shari'a da shi. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta shekarar 2015, a sashe na 17, ta ce idan wanda ake zargi ba ya jin Turanci, tafinta ya rubuta jawabinsa, ya karanta masa har ya fahimta, shi ya sa hannu, tafintan ma ya sa hannu ya rubuta sunansa da adireshinsa da sana'arsa. Jihohi da dama sun yi tasu dokar a kan wannan tsari. Kotun Ƙoli ta sha yanke hukuncin cewa jawabin da aka ɗauka ta bakin tafinta ba ya karɓuwa idan ba a kira tafintan ya ba da shaida ba, kuma kotuna sun sha nanata cewa an fi so a rubuta jawabi da harshen da aka yi shi kafin a fassara. Waɗannan ƙa'idoji don direban da ake tuhuma aka yi su, amma sakataren ƙungiya ko akawun kamfani da ke rubuta wa inshora ba zai yi asara ba idan ya bi su.

A aikace, wannan yana nufin a ƙasan rahoto a ƙara layi biyu: cewa da Hausa aka ba da bayanin, wane ne ya fassara, an karanta wa mai shi da Hausa ya ce daidai ne, sannan ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, da kwanan wata. Idan an yi gyara, a ja layi ɗaya a kan kalmar yadda za a iya karanta ta, a rubuta sabuwar a sama, su biyun su sa hannu a gefe. Kwafin Hausa a maƙala shi a bayan na Turanci, mai bayani ma a ba shi nasa. In daga baya wani sabon abu ya bayyana, kamar a ce an samu labarin matar tana asibiti ta farfaɗo, ko hoton ƙashi ya nuna yaron ya karye a ƙwauri, ba a komawa a goge tsohon rahoto. Ƙarin bayani ake rubutawa a takarda dabam, da kwanan watansa, da sunan wanda ya kawo labarin, da kuma yadda shi ma ya san shi.